Geji takwas da suka ɓoye reshen da ke baya: yadda zanen bulet ya maye gurbinsu a allon wani kamfanin rarraba kaya

Kamfanin da ake magana a kansa yana rarraba kaya ta rassa takwas. A farkon kowane zango na wata uku ana ɗora wa kowane reshe adadin odar da ake so ya kai wa masu saye kafin kwana 90 su cika. Alƙaluman da za a gani a nan na misali ne, an zaɓe su yadda mai karatu zai iya bin lissafin da kansa, amma tsarin allon da matsalar da ya haifar abu ne da duk wanda ya yi aikin allon bayanai zai gane.

Manajan ayyuka yana da allo guda da yake buɗewa kowace safiya. Faɗinsa fiksel 1280 ne, tsayinsa 720. A kansa akwai geji takwas, huɗu a sama huɗu a ƙasa, irin mai rabin da'ira da allura a tsakiya. Kowane geji yana tashi daga sifili zuwa kashi 100 na burin reshen. Daga sifili zuwa kashi 50 ja ne, daga 50 zuwa 80 rawaya, daga 80 zuwa 100 kore.

A rana ta 60 ga yadda rassan suke: na ɗaya ya kai kashi 74, na biyu 69, na uku 66, na huɗu 71, na biyar 52, na shida 63, na bakwai 83, na takwas 58. Geji ɗaya ne allurarsa ta shiga kore, wato na reshe na bakwai. Sauran bakwai duk suna cikin rawaya. Manajan ya duba, ya ga babu ja ko ɗaya, ya wuce zuwa wani aikin.

Amma kwana 60 cikin 90 kashi biyu ne cikin uku na lokacin. Reshen da ke tafiya daidai ya kamata ya kai kusan kashi 67 a wannan rana. Reshe na biyar an ɗora masa oda 12,000, ya kai 6,240, alhali ya kamata ya kai 8,000. Giɓin oda 1,760 ne. A kwana 60 ɗin da suka wuce yana kai oda 104 a rana, kuma in har zai cim ma burinsa sai ya kai 5,760 a kwana 30 da suka rage, wato 192 a kowace rana, kusan ninki biyu na abin da ya saba. Wannan reshe yana cikin matsala ta gaske, kuma launinsa ɗaya da reshe na ɗaya, wanda in ya ci gaba yadda yake tafiya zai rufe zangon da kashi 111.

Ba a shigar da alƙalami ko ɗaya ba daidai ba. Siffar da aka zuba alƙaluman a cikinta ce ta hana a ga abin da suke faɗa.

Abin da geji yake ci na fili

Mai tsara bayanan kamfanin ta fara da awo. Kowane geji, da sunan reshen a sama da lambar a ƙasa, yana zaune a murabba'i mai faɗin fiksel 300 da tsayin 260. Takwas ɗin sun cinye 1200 a faɗi da 520 a tsaye, fiksel 624,000 ke nan daga cikin 921,600 da allon yake da su. Kashi biyu cikin uku na allon ya tafi wajen nuna lambobi takwas kacal.

Dalilin yana cikin siffar da'ira kanta. A geji, ma'aunin yana kan gefen baka ne kawai, inda bakin allura yake nunawa. A nan tsawon allurar fiksel 120 ne, don haka tsawon bakan ya kai kimanin 377. Wannan siririn layin shi ne duk abin da ke ɗauke da bayani. Cikin da'irar fanko ne, allura ce kawai take ratsa shi. Kusurwoyi biyu na sama, inda bakan ya lanƙwasa ya bar murabba'in, su ma fanko ne, kuma ba za a iya cusa wani abu mai amfani a cikinsu ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɓarnar take ƙaruwa. Idan kana so ka ninka tsawon ma'aunin geji don a fi ganin ƙananan bambance-bambance, dole ka ninka faɗinsa ka kuma ninka tsayinsa, sai filin da yake ci ya ninku sau huɗu. Ma'aunin da ke miƙe kuwa tsawonsa kawai za ka ƙara, kaurinsa yana nan yadda yake, sai filin ya ninku sau biyu.

Geji na gaske yana da hujjar zama da'ira. A ma'aunin matsin iska ko na tururi irin wanda Eugène Bourdon ya yi wa rajista a 1849, wani lanƙwasasshen bututu ne yake ɗan miƙewa idan matsi ya ƙaru, motsinsa ya juya allura a kan ƙusa. Abin da ke juyawa a kan ƙusa da'ira yake zanawa, shi ya sa aka rubuta lambobin a zagaye. A allon kwamfuta babu bututu, babu ƙusa. An kwaikwayi fuskar na'urar ne aka baro dalilin da ya sa take da wannan fuska.

Filin ma ba shi ne babbar asarar ba. A 1984 William Cleveland da Robert McGill sun wallafa bincikensu kan yadda ido yake karanta adadi a zane, inda suka jera hanyoyin nuna adadi daga wadda ido ya fi karantawa daidai zuwa ƙasa. Matsayi a kan ma'auni guda da abubuwan suka yi tarayya a kai shi ne a sama, kusurwa kuwa tana ƙasa da shi. Geji takwas ma'auni takwas ne, kowanne da tasa cibiyar. A gejin da ke raba kashi 100 a kan digiri 180, kowane kashi ɗaya digiri 1.8 ne. Tsakanin reshe na uku mai 66 da na shida mai 63 akwai digiri 5.4, bai kai tafiyar dogon hannun agogo ta minti ɗaya ba, kuma gejin ɗaya yana layin sama ɗayan yana layin ƙasa. Mutum ba zai iya gane wannan da ido ba. Abin da yake yi shi ne ya karanta lambar da aka rubuta a ƙasan kowane geji ya riƙe a ka. In kuwa lambar za a karanta, to bakan da allurar ba su yi aikin komai ba.

Yadda aka sake gina allon

Stephen Few ne ya ƙirƙiro zanen bulet a 2005, kuma ya yi shi ne musamman don ya maye gurbin irin waɗannan geji a allunan bayanai. Sassansa kaɗan ne. Akwai suna a hagu, da ma'auni miƙaƙƙe. Akwai siririyar sanda mai duhu da ke nuna inda aka kai, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin layin. Akwai ɗan gajeren layi da ya gitta hanyar sandar, shi ne abin da ake kwatantawa da shi, galibi buri. A bayansu duka akwai yankuna masu launi ɗaya amma duhunsu ya bambanta, waɗanda ke nuna mummuna da matsakaici da mai kyau. Few ya ce kada yankunan su wuce biyar, kuma uku sun fi.

Mai tsara bayanan ta ba kowane reshe layi ɗaya mai tsayin fiksel 36. Suna ya ɗauki 120 na faɗi, zanen ya ɗauki 390, lambobi a dama suka ɗauki 90. Layuka takwas da ma'auni guda a ƙasansu sun zama 600 a faɗi da 320 a tsaye, fiksel 192,000. Bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da gejin suka ci ba, kuma ma'aunin kowane reshe bai gajarce ba, ya ma ɗan fi bakan tsawo.

Shawara ta farko mai nauyi ita ce inda ma'aunin zai tsaya. Gejin sun tsaya a kashi 100, don haka reshen da ya cika burinsa cif da wanda ya wuce shi da kashi 25 duk allurarsu za ta kwanta a wuri ɗaya. Reshe na bakwai, in ya ci gaba a haka, zai kai kusan kashi 125. Sai aka kai ma'aunin 130, kowane kashi ɗaya ya samu fiksel 3, aka sa ɗan layin buri a kan 100. Tunda rassan burinsu ya sha bamban, daga oda 3,000 har zuwa 20,000, kashi aka yi amfani da shi don layin burin kowa ya faɗo a wuri ɗaya, a jere daga sama har ƙasa.

Shawara ta biyu ita ce ta gyara ainihin cutar, kuma a ganina ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Iyakokin ja da rawaya da kore na tsohon allon ba sa motsi, alhali abin da ake aunawa taruwa yake yi kullum. A mako na biyu na zango kowane reshe ja ne, komai ƙoƙarinsa. A rana ta 60 kusan kowa rawaya ne. Ga yawancin rassa kore ba ya fitowa sai an kusa rufewa, lokacin da babu sauran abin da za a iya gyarawa. Launin yana faɗar kwanan wata ne fiye da yadda yake faɗar aikin reshe. Da an kwashe waɗannan iyakoki yadda suke an zuba a zanen bulet, da an samu allo mai tsari wanda yake yaudara kamar na da.

Don haka aka ɗaure yankunan bango da ranar da ake ciki. Iyaka ta sama ita ce inda ya kamata a kai yau, wato kwanakin da suka wuce a raba da kwanakin zango, kashi 67 a rana ta 60. Iyaka ta ƙasa kashi 90 ne na wancan, wato 60. Daga sifili zuwa 60 toka mai duhu, ma'ana an yi baya sosai. Daga 60 zuwa 67 toka matsakaiciya, an ɗan yi baya. Daga 67 zuwa sama toka mai haske, ana kan hanya. Kowace safiya iyakokin suna matsawa dama da kaɗan, sandunan suna binsu ko suna gaba da su. Ga yadda layi ɗaya yake a matplotlib, kayan zanen bayanai na Python, inda `y` shi ne matsayin layin, `kashi` kuma inda reshen ya kai:

```python
yau = 60 / 90 * 100
ax.barh(y, 130, height=0.8, color="0.92")
ax.barh(y, yau, height=0.8, color="0.80")
ax.barh(y, yau * 0.9, height=0.8, color="0.66")
ax.barh(y, kashi, height=0.27, color="0.10")
ax.vlines(100, y - 0.25, y + 0.25, color="black", linewidth=2)
```

Jerin yana da muhimmanci: yanki mafi tsawo ake fara zanawa, gajeru su hau kansa, sandar ta zo daga baya. A manhajar Tableau akwai zanen bulet a cikin `Show Me`. A Excel babu shi a matsayin zane na musamman, sai an haɗa sanduna masu hawa kan juna don bango, a ɗora sandar adadin a kan `Secondary Axis`. Wanda ya bi wannan hanya ya tabbata ma'aunan biyu sun tashi daga sifili sun kuma tsaya a lamba ɗaya, ya kafe su da hannu. In ya bar su a `Auto`, wata rana sandar za ta nuna ta wuce buri alhali ba ta kai ba, domin ita da bangon ba a ma'auni ɗaya suke ba.

Daga nan aka jera rassan daga mafi baya zuwa mafi gaba: na biyar, na takwas, na shida, na uku, na biyu, na huɗu, na ɗaya, na bakwai. Tunda duk sandunan daga layi ɗaya suka tashi, bakinsu ya yi matakala. Biyu na sama sun tsaya cikin toka mai duhu, biyu na biye cikin matsakaiciya, huɗu sun fita haske. Bambancin 63 da 66 da ido ya kasa gani a geji yanzu fiksel 9 ne tsakanin sanduna biyu da ke kwance ɗaya a kan ɗaya, kuma ana ganinsa.

Manajan bai karɓa nan take ba. Ya ce ya saba da ja da kore, wannan tokar ba ta ce masa komai. Mai tsara bayanan ta ce masa, "Yallaɓai, dubi baƙar sandar kawai. In bakinta ya fita zuwa wuri mai haske, reshen yana kan hanya. In ya tsaya cikin duhu, shi za ka fara kira." Ƙorafin nasa yana da tushe, domin kowa ya san geji tun daga mota, zanen bulet kuwa sai an yi wa mutum bayaninsa sau ɗaya. Saboda haka aka rubuta jimla ɗaya a saman zanen da ke faɗar ma'anar sanda da layi da yankuna, aka bar ta a nan dindindin don duk wanda zai buɗe allon karo na farko. Game da launi kuwa, aka sa ɗan jan ɗigo a gefen sunan reshen da ke cikin yanki mai duhu kaɗai. A rana ta 60 ɗigo biyu ne a allon gaba ɗaya, kuma ido yana sauka a kansu kai tsaye domin babu wani launi da ke takara da su. Akwai wani dalilin kuma na barin ja da kore a bango. Rashin iya bambance waɗannan launuka biyu shi ne matsalar ganin launi da ta fi yawa, musamman a maza, inda a cikin waɗanda asalinsu daga arewacin Turai ne ta kai kusan mutum ɗaya cikin 12. Bambancin duhu da haske kuwa kowa yana ganinsa, kuma ba ya ɓacewa idan an buga allon a takarda da baƙin tawada. Sai dai a gwada tokar a majigi kafin ranar taro, domin wasu na'urorin suna wanke toka mai haske ta koma fari.

Inda sabon zanen shi ma zai iya ɓatar da mutum

Kashi yana ɓoye girma. Reshe na takwas yana kan 58, na shida yana kan 63, don haka a jeri na takwas ne ya fi muni. Amma burin na takwas oda 3,000 ne, ya kai 1,740 maimakon 2,000, giɓinsa 260. Burin na shida 20,000 ne, ya kai 12,600 maimakon kusan 13,333, giɓinsa ya haura 730. Ga jimillar kamfani, ɗan jinkirin reshe na shida ya fi na takwas ciwo kusan sau uku. Fiksel 90 ɗin da aka ware a dama don haka aka ware su: a gefen kowace sanda an rubuta giɓin da adadin oda, 1,760 da 260 da 733 da 60. Sanda tana nuna wanda ya fi yin baya ga nasa burin, lambar tana nuna wanda ya fi jan kamfani baya, kuma manaja yana buƙatar duka biyun.

Sannan lissafin kashi 67 ya ginu ne a kan zaton cewa oda tana zuwa daidai wa daida kowace rana. A wuraren aiki da yawa ba haka take ba, tana taruwa ne a makonnin ƙarshe na zango. Idan tarihin zangunan baya ya nuna cewa a rana ta 60 kashi 60 ne kawai yake shigowa, to reshe na shida mai 63 yana gaba ne, kuma tokar da ta nuna shi a baya ta yi masa ƙage. Alamar wannan kuskure a fili take: kusan duk rassan za su riƙa zama a baya a tsakiyar kowane zango, sannan su cika burinsu a ƙarshe. Wanda ya ga haka ya daina raba kwanaki, ya ɗauko zangunan baya ya lissafa kashi nawa ne aka saba kaiwa a kowace rana, ya sa wannan a matsayin iyaka. Haka kuma in rassan ba sa aiki a wasu ranaku, da ranakun aiki za a yi lissafin.

Dole sandar ta tashi daga sifili, domin tsawonta ne ake karantawa. In an yanke ma'aunin ya fara daga 50, reshe mai 52 da mai 58 za su zama kamar ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu. Idan kuma abin da ake aunawa ƙarancinsa ne alheri, kamar kayan da aka dawo da su, sai a juya yankunan, haske ya koma kusa da sifili, duhu ya koma can nesa, a kuma rubuta hakan a kan layin don kada a karanta doguwar sanda a matsayin nasara.

Geji ɗaya bai bar kamfanin ba, kuma ina ganin daidai ne. A ɗakin ajiya mai sanyi akwai ma'aunin zafi da ma'aikata suke hanga daga nesa suna wucewa. Adadi ɗaya ne, yana canzawa a nan take, ba a kwatanta shi da wasu bakwai, kuma sun haddace inda allurar take zama in komai lafiya. A irin wannan wuri girman fuskar amfani ne. Cim ma burin wata uku ba shi da ko ɗaya daga waɗannan halaye.

Filin da aka samu, rabin allon na dama, an ba shi abin da geji da zanen bulet duka ba sa iya nunawa, wato yadda aka zo inda ake. An sa zanen layi na odar da ta taru kowace rana, tare da layin inda ya kamata a kasance, ga duk reshen da aka danna. Oda 6,240 na reshe na biyar suna iya fitowa ta hanya biyu. Yana iya zama tun ranar farko yake kai 104 a rana, wanda ke nufin ko dai burin da aka ɗora masa ya fi ƙarfinsa ko yana da ƙarancin motoci da ma'aikata tun asali. Yana iya kuma zama ya yi kwana 40 yana kai 133 a rana, daidai da abin da ake so, ya tara 5,320, sannan ya faɗo zuwa 46 a rana a kwana 20 na baya. Wannan na biyun yana nufin wani abu ya lalace a wajajen rana ta 40, kuma ana iya gano shi da kiran waya ɗaya. A zanen bulet duka biyun sanda ɗaya ce da ta tsaya a kan kashi 52.